Kilo 46: Yadda Ake Ba da Labarin Uwa da Jerin Kayan Akwati

Bayan sallar isha'i ne, a wani gida cikin birnin Kano. An shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, akwatuna biyu a buɗe, ga sikelin da aka aro daga maƙwabta a gefe. Gobe da hantsi 'yar farin gidan za ta hau jirgi a filin Malam Aminu Kano zuwa Alƙahira, inda ta samu gurbin karatun likita. Uwar ta yago takarda daga littafin makarantar autanta, ta ɗauki biro, ta fara rubuta abin da ya shiga akwati da abin da ya rage.

Wannan takarda ita ce labarin gaba ɗayansa. Babu mai ba da labari da zai ce "ranta ya sosu", babu doguwar hira tsakanin uwa da 'ya. Lamba ce, sai sunan kaya, sai ɗan bayanin da uwar ta ƙara wa kanta don kada ta manta. Marubuta gajerun labarai sun daɗe suna amfani da wannan salo, kuma misalin da za a bi a nan, wanda aka ƙaga shi domin wannan bayani, zai nuna yadda ake ɗinka shi da inda yake yawan warwarewa.

Salon yana da tarihi. A 1978 mujallar The New Yorker ta buga "Girl" na Jamaica Kincaid, marubuciya 'yar tsibirin Antigua. Labarin bai kai kalma 700 ba, kuma kusan dukkansa jerin umarni ne da uwa take zuba wa 'yarta a kan wanki da girki da kamun kai, 'yar kuwa sau biyu kawai ta samu ta sa baki. A 1990 Ba'amurke Tim O'Brien ya fitar da littafinsa The Things They Carried, wanda labarinsa na farko yake lissafa kayan da sojojin Amurka suke ɗauka a yaƙin Biyetnam, har da nauyin kowanne. A cikin bindigogi da gwangwanayen abinci mai karatu yake tarar da wasiƙun wata budurwa a jakar shugaban rundunar, daga nan ya gane abin da ya fi yi wa mutumin nauyi.

Bahaushe ma ba baƙon jerin kaya ba ne. Duk wanda ya taɓa zama wurin duba lefe ya san cewa ana karanta gida daga akwatunansa: atamfa turmi nawa, leshi nawa, me aka cika, me aka tsallake. Haka kayan gara, haka takardar da makarantar kwana take aikowa ta ce a zo da bokiti da fitila da gidan sauro. Mata sukan dubi irin wannan lissafi su fitar da labarin da ba wanda ya faɗa musu.

Amma abin da ya sa salon ya zauna wa uwar Bahaushiya daram shi ne kunyar ɗan fari. A gidaje da yawa har gobe uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ɗokinsa. Marubucin da ya sa irin wannan uwa ta rungume 'yarta tana cewa za ta yi kewarta ya yi wa masu karatu ƙarya, kuma za su gane. To, ina za a kai abin da yake cikin ranta? Sai a kai shi akwati. Shi ya sa a takardar nan sunan yarinyar bai fito ko sau ɗaya ba. "Ita" ce kawai, ko "yarinyar".

Ga yadda takardar ta fara:

"1. Fasfo, katin rigakafin shawara, takardar jami'a, hotuna 12. A jakar hannu, ba a akwati ba. Kwafi uku-uku: ɗaya wurin Malam, ɗaya a akwati, ɗaya a wurina."

"2. Kuka rabin kwano, busasshiyar kuɓewa, kanwa. Daddawa a leda uku, a sa cikin roba mai murfi, kada kayanta su ɗauki wari a yi mata dariya."

"3. Yaji kwalba biyu, na Hajiya da nawa. Na Hajiya a sama, don ita za ta tambaya."

Abu uku ne kawai, amma mai karatu ya riga ya san mutanen gidan. Akwai Malam, mai gida, wanda ake ba ajiyar takardu. Akwai Hajiya, uwar miji, wadda dole a yi mata kara ko da a cikin akwati ne. Ya kuma san halin mai rubutun: mace ce mai tsari, mai gudun a raina mata 'ya a baƙon wuri. Aikin abubuwan farko ke nan. Su zama na yau da kullum, marasa tayar da hankali, domin mai karatu ya yarda cewa takardar gaske yake dubawa. Idan aka buɗe da hawaye a lamba ta 1, babu sauran inda za a hau.

Abu na biyu da labarin yake tsayawa a kansa shi ne gaskiyar kayan. Katin rigakafin shawara, wanda matafiya suke kira katin rawaya, ba ado ba ne: Masar da Indiya suna neman sa daga wanda ya fito daga Nijeriya. Marubuci yana bukatar ya san ƙasar da yarinyar za ta kamar yadda uwar ta yi tambaya ta sani, domin kowace ƙasa da akwatinta. Dubi waɗannan:

"4. Rigunan sanyi uku daga Ƙofar Wambai, an wanke an goge. Safa shida. Sun ce sanyinsu ya fi namu."

"5. Kan soket biyu mai ƙafa biyu. Ƙanenta ne ya ce namu ba ya shiga bangonsu. Ya saya da kuɗin tara nasa, ya ce kada a faɗa mata."

"6. Maganin zazzaɓi, kwali biyu, a cikin kwalinsa da takardar likita. Ta ce can babu sauron zazzaɓi. Na ce na nan fa da ya riga ya cije ki?"

Kowanne yana da tushe. Daren Janairu a Alƙahira yakan sauko zuwa wajen digiri 10, ga gidajen ɗalibai da yawa babu na'urar ɗumama ɗaki. Soket ɗin Masar mai ramuka biyu ne zagayayyu, namu kuwa mai ƙafa uku ne. A batun magani kuma uwa da 'ya duk suna da gaskiya. A watan Oktoba na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Masar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, amma wanda sauro ya ciza a Kano zai iya kwanciya bayan mako ɗaya ko biyu da sauka, a garin da likitocinsa ba su saba ganin cutar kullum ba. Gardamar da ke lamba ta 6 ita ce kaɗai wurin da aka ji muryar yarinyar zuwa yanzu, kuma ta nuna ta yadda take: mai shirin zama likita, tana gyara wa uwarta magana.

Da za a sauya ƙasar, da dole a sauya takardar. Yarinyar da za ta Landan ba za a sa mata kilishi ko dambun nama ba, domin Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga Nijeriya shiga da nama da kayan madara. Wadda za ta Maleshiya ba ta bukatar rigar sanyi, laima take bukata, kuma soket ɗinsu irin namu ne. Mai karatun da ya taɓa raka ɗansa filin jirgi yana ganin kuskure ɗaya irin wannan zai daina yarda da uwar, in kuwa ya daina yarda da ita, zanen da ke tafe a ƙarshe ba zai taɓa shi ba.

Daga tsakiyar takarda ne ake fara shigo da abin da ya fi nauyi, amma da murya ɗaya da wadda aka rubuta kuka da kuɓewa.

"7. Saƙon matar maƙwabci zuwa ga ɗan 'yar'uwarta. A naɗe yake da salatif, ta ce magani ne. Na mayar mata, na ce kilo ya cika. Za ta yi fushi. Ta yi."

"8. Dala 300, a ɗinke cikin aljihun jakar hannu. In ta tambayi ina sarƙata, tana wurin gyara."

"9. Ƙaramar jakar goyo. Kwafin fasfo, tocila, dabino, lambar Malam a rubuce a takarda. Kada ta zazzage ta, ta ajiye ta kusa da ƙofa."

A lamba ta 7 uwar ta sayi fushin maƙwabciya don ta kare 'yarta, kuma tana da dalili. Masar tana da tsanani a kan ƙwayoyi irin su taramadol, an kuma ɗaure matafiya a kansu, kuma a filin jirgi wanda aka samu kaya a akwatinsa shi ne mai kayan. Lamba ta 8 ita ce zuciyar wannan sashe. Ba a ce ta sayar da sarƙarta ta zinari ba. An ba mai karatu dala a jumla ta farko, an ba shi ƙaryar da aka tanada a ta biyu, shi ya haɗa da kansa. Abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama masa a rai fiye da wanda aka ɗura masa.

Lamba ta 9 kuwa ita ta sa wa labarin shekara ba tare da an rubuta kwanan wata ba. A ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Khartum, inda ɗaliban arewacin Nijeriya da yawa suke karatu. An kwashe su a motocin safa zuwa iyakar Masar, wasu suka yi kwanaki a can kafin a ɗauko su a jirgi daga Aswan, wasu kuma ta Port Sudan aka fito da su. Uwar da ta bi wannan labari a rediyo ba za ta sake shirya akwati kamar da ba. Takardar ba ta ambaci Sudan ba, kuma ba ta bukatar ta ambata. Mai karatun Kano ko Zariya yana ganin "kusa da ƙofa" ya san abin da uwar take tunawa.

Har zuwa nan ana tara kaya ne kawai, tari kuma shi kaɗai ba ya zama labari. Labari yana son abin da zai tare hanya, a tilasta wa wani ya zaɓa. A nan sikeli ne yake wannan aiki. Kamfanonin jiragen sama da yawa da suke tashi daga Nijeriya zuwa waje suna ba fasinjan kujerar talakawa akwati biyu, kowanne kilo 23, da jakar hannu mai kilo 7 ko 8. Jimillar akwatunan kilo 46 ke nan, kuma abin da ya haura sai an biya da tsada ko a zube shi a gaban jama'a. Uwar tana auna duniya da kwano da gwangwani da turmi, jirgi kuwa kilo ya sani. Sai takardar ta ci gaba:

"10. Bargona mai laushi, wanda Malam ya kawo daga Makka."

"11. Ƙaramar tukunya da muciya."

"12. Man shanu, babbar kwalba. A naɗe ta da tsohon zanen nan mai ruwan bula kada ta fashe."

"An ɗauke wuta. Auta ya riƙe fitila. Na farko kilo 27, na biyu 24."

Lissafin a fili yake: 51 ne, ana neman 46, sai an fitar da kilo 5, huɗu daga akwatin farko, ɗaya daga na biyu. Daga wannan layi takardar ta juya. Maimakon ƙari sai soke-soke, kuma kowane abin da aka soke hukunci ne da uwar ta yanke.

"10. Bargo, kilo 3. An cire. Ta saya a can."

"11. Tukunya, kilo 1. An cire. Muciya ta zauna, ba su da irinta."

"12. Man shanu, kilo 1. An cire. Dama zai iya zuba ya ɓata mata littattafai. Zanen ya zauna."

Duk labarin an gina shi ne don waɗannan kalmomi uku na ƙarshe. An sa zanen a akwati da hujjar naɗe kwalba. Kwalba ta fita, hujja ta faɗi, zane bai fita ba. Amma don ya yi aiki dole a riga an shuka shi tun da wuri, a inda ba za a lura ba. Marubucin zai koma lamba ta 3, wajen yajin Hajiya, ya ƙara layi ɗaya: Hajiya ta hango zanen a kan igiya ta ce, "Wannan ba shi ne kika goye ta da shi ba? Har yanzu yana nan?" uwar kuma ta rubuta cewa ba ta amsa ba. Tsakanin shukar da girbin akwai abubuwa tara, waɗanda suka isa su sa mai karatu ya manta, ya kuma tuna a daidai lokacin da ake so. In an shuka shi a lamba ta 11, dabarar za ta fito fili. In ba a shuka shi ba sam, tsumma ne kawai aka bari a akwati.

Lokaci ma ta cikin kayan yake tafiya. Ba a rubuta ƙarfe nawa ba, amma an ga ɗaukewar wuta, an ga auta da fitila, can gaba za a ga an rubuta cewa ya yi barci a kan tabarma. Bayanan uwar suna farawa da tsayi da tsari, suna gajarcewa yayin da dare yake tsalawa. Wannan gajarcewa ita ce gajiyarta, ita ce kuma abin da ya tokare mata maƙogwaro.

Inda masu gwada salon suka fi faɗuwa shi ne su kasa haƙuri su fassara kansu. Sai a ga an rubuta, "Zanen ya zauna, domin shi ne alamar soyayyata gare ta." Wannan jela ta kashe layin, domin macen da ba ta iya kiran sunan 'yarta ba za ta rubuta haka ko a takardar da ba mai gani ba. Kuskure na biyu shi ne a sa kowane abu ya zo da nasa abin tausayi, har mai karatu ya gaji da jimami tun kafin a kai sikeli. Safa shida su tsaya a safa shida. A jerin abu 15, uku ko huɗu ne za su ɗauki nauyi, sauran su riƙe musu hanya.

Akwai gwaji biyu da marubuci zai yi wa kansa. Na farko, ya yanka takardar layi-layi, ya cakuɗa, ya sake jerawa yadda suka faɗo. In labarin bai lalace ba, to lissafin kasuwa ya rubuta. A misalin nan ba zai yiwu a kai sikeli gaban bargo ba, ko a kai maganar Hajiya bayan cire man shanu. Na biyu, ya tambayi kansa ko wata uwar dabam za ta iya rubuta wannan takarda. Man goge baki da sabulu kowa zai sa. Yaji kwalba biyu da na uwar miji a sama, wannan na mace ɗaya ne a gida ɗaya.

Salon yana da iyakarsa. Ido ɗaya yake da shi, na mai riƙe da biro, don haka abin da yake ran yarinyar sai dai a hango shi daga nesa. Ba ya kuma jure tsawo: in jerin ya wuce abu 20, ido yakan fara tsallake. Wannan ya sa ya dace da gajeren zango irin na gasar Hikayata, wadda sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta, inda ake neman labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500. Abu 15, kowanne da kalma 70 zuwa 90, ya cika wannan ma'auni.

Matsalar ido ɗaya kuwa akwai hanyar rage ta, wato a bar wani hannu ya taɓa takardar sau ɗaya tak, a ƙarshe. A misalin nan uwar ta rubuta abubuwan da suka saura: Alƙur'ani da sallaya a saman kaya, abin cajin waya mai batir a jakar hannu domin ba a yarda a sa shi a akwati ba, turare kuma a akwati domin kwalbarsa ta wuce mililita 100 da ake bari a shiga da ita cikin jirgi. Ta rubuta cewa auta ya yi barci, an kira assalatu, ta tafi alwala ta bar takardar a kan akwati. Da ta dawo sai ta tarar da layi ɗaya a ƙasa, da wani biro, da rubutun da ba nata ba:

"16. Umma, na cire rigar sanyi ɗaya na sa yajinki a sama. Na ga zanen. Na biyu kilo 23 cif."